Daga Baki Zuwa Takarda: Yadda Ake Mayar da Saƙon Murya Tsararren Rubutu

A shekarar 2013 manhajar WhatsApp ta fito da maɓallin nan mai hoton makirufo, wanda mutum zai danna ya yi magana ya saki. Zuwa watan Maris na 2022, kamfanin ya ce ana aika saƙon murya kimanin biliyan 7 a kowace rana a faɗin duniya. A ƙasar Hausa abin ya karɓu hannu bibbiyu, kuma dalilin a fili yake. Dattijon da bai yi boko ba, da ɗan kasuwar da hannunsa ke kan awo, da uwar da ke goye da yaro tana tuƙa tuwo, duk suna iya isar da saƙo ba tare da sun nemi harafi ko ɗaya a allon waya ba.

Matsalar tana tasowa ne ranar da aka buƙaci maganar a rubuce. Ba a liƙa saƙon murya a allon sanarwa na masallaci, ba a saka shi a kundin taron ƙungiya, kuma wanda ke neman farashin da aka faɗa makon jiya sai ya saurari minti shida kafin ya iso wurin. Don haka sakatarorin ƙungiyoyi, da 'yan jarida, da ɗalibai masu bincike, da yaran shago da ke riƙe wa maigida lissafi, kullum suna cikin aiki iri ɗaya: su saurari magana, su kwashe ta a rubuce, sannan su tsara ta yadda za ta karantu. Aikin hawa biyu ne, kuma na biyun ne ya fi kayar da mutane.

Hawa na farko: ɗanyen rubutu

Ɗanyen rubutu shi ne a rubuta duk abin da ya fito daga bakin mai magana, yadda ya fito, har da inda ya yi tuntuɓe da inda ya koma baya. Masu sana'ar kwafe magana sukan ƙiyasta cewa sautin awa ɗaya yana cin kusan awa huɗu a hannun wanda ya saba, idan sautin a tsabtace yake. Ke nan saƙon minti biyar zai iya cin minti ashirin. Idan an ɗauke shi a tasha ko a bakin injin niƙa, lokacin ya wuce haka.

Akwai na'urorin da ke ƙoƙarin rage wannan wahala. A watan Nuwamba na 2024 WhatsApp ta ƙara damar juya saƙon murya zuwa rubutu, wadda ake kunnawa ta `Settings > Chats > Voice message transcripts`. Sai dai a wayoyin Android ta fara ne da harsuna ƙalilan, irin su Ingilishi da Sifaniyanci da Fotugis da Rashanci, babu Hausa a cikinsu. Wata manhaja mai suna Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya saki a 2022, ta lissafa Hausa cikin harsunanta, amma ƙwarewarta a Hausa ba ta kama ƙafar ta Ingilishi ba, kuma an san ta da cusa kalmomin da ba a faɗa ba a inda aka yi shiru ko hayaniya ta yi yawa. Saboda haka ko na'ura ce ta fitar da ɗanyen rubutun, sai mutum ya sa kunne ya bi shi layi-layi. Mai yi da hannu kuwa, zai fi samun sauƙi idan ya buɗe sautin a manhaja irin VLC wadda ke iya rage gudun magana, domin WhatsApp ƙara gudu kawai take yi, zuwa 1.5 ko 2.

Ga misali, wanda aka tsara shi a kan irin saƙonnin da ke yawo a zaurukan ƙungiyoyin manoma gab da zuba taki. Shugaban ƙungiya ne ya aika wa sakatarensa ranar Talata, 10 ga Yuni, yana so a fitar da sanarwa. Alƙaluman na misali ne kawai:

"Salamu alaikum, Malam Sakatare, ina wuni, ya iyali, ya gajiya. To madalla. Am, wato dama maganar takin nan ce, ka gane, wanda muka ce za a haɗa kuɗi. To na shiga birni jiya, a'a shekaranjiya, na ga mutumin, ya ce wai buhu talatin da takwas ne, amma in mun kai buhu ɗari zai rage mana, ina jin ɗari biyar ya ce, ban dai riƙe sosai ba. To shi ne na ce a gaya wa mutane kowa ya kawo nasa kafin Juma'a. Kai, ba Juma'a ba, Juma'a akwai ɗaurin aure, Asabar, Asabar bayan La'asar a makarantar nan. Sannan shi wancan na wajen gada ya biya na bara. Yawwa, kuma kuɗin mota, na manta, kuɗin mota ba ya ciki fa, kowane buhu ɗari bakwai. Ma'aji ne zai karɓa, kada a kawo mini. To shi ke nan, a dai yi haƙuri, Allah Ya sa mu dace. Au, wanda bai kawo ba ranar, to ba ruwanmu, sai dai wani zagayen."

Wanda ya ji wannan da kunnensa zai fahimce shi sarai. Wanda ya karanta shi a takarda kuwa zai iya zuwa ranar Juma'a, da kuɗin da bai cika ba, ya kuma miƙa wa shugaba.

Me ya sa magana ke fitowa a haka

Shugaban ba ya da laifi, kuma ba rashin iya magana ba ne. Mai magana yana tunani ne a daidai lokacin da yake furtawa, shi ya sa abubuwa ke zuwa bisa jerin da ya tuna su. Kuɗin mota ya zo a makare saboda a makare ya faɗo masa. Hukuncin wanda bai kawo kuɗi ba ya zo bayan addu'ar rufewa saboda sai da ya kusa sakin maɓalli ya tuna. Sannan baki ba ya da abin gogewa: idan ya yi kuskure, sai dai ya ƙara wata magana a gaba ta soke ta baya, kuskuren da gyaran duk su zauna a cikin sautin.

Akwai kuma abin da su biyun suka riga suka sani. "Mutumin", "makarantar nan", "wancan na wajen gada", duk sakatare ya san su, amma mamban da ya shiga ƙungiya bana bai san ko ɗaya ba. Mai karatu ba ya da damar tsayar da takarda ya tambaye ta wace makaranta ake nufi.

Saboda haka ƙwararren mai gyara ba ya fara taɓa jimloli sai ya amsa tambaya guda: wa zai karanta, kuma me ake so ya aikata bayan ya karanta? A nan amsar ita ce mambobi ne za su karanta, ana so su kawo kuɗi daidai, a rana daidai, ga mutumin da ya dace. Daga nan sai ya ɗauki wata takarda ya jera batutuwan da ke cikin saƙon, kowanne a layinsa, ba tare da damuwa da kyan jimla ba. A wannan saƙo batutuwa bakwai ne: farashi, ragin da ake sa rai, rana da wuri, bashin bara, kuɗin mota, mai karɓa, da makomar wanda ya makara. Wannan jeri shi ne ma'aunin da zai koma ya duba a ƙarshe, don ya tabbatar babu abin da ya salwanta a hanya.

Sai haɗa 'yan'uwa. Farashi da kuɗin mota da ragi duk maganar kuɗi ce, sakin layi ɗaya ya ishe su, ko da yake a sautin akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Rana da wuri da mai karɓa da hukuncin makara su ma gida ɗaya suke. Abin da mai karatu ya fi buƙata shi ke hawa sama, ko da a ƙarshen sautin aka faɗe shi.

Inda mai magana ya gyara kansa, gyaran ake ɗauka a zubar da na farko. "Jiya, a'a shekaranjiya" ya zama shekaranjiya, "Juma'a, kai ba Juma'a ba, Asabar" ya zama Asabar. Alamomin da ke nuna gyara na tafe sanannu ne ga duk mai jin Hausa: "a'a", "kai", "au", "ina nufin", "astagfirullah". Mai kwafe magana da ya ji ɗaya daga cikinsu, ya kamata ya dakata ya sake sauraron abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta.

Ƙananan kalmomin da ba a zubarwa

Aikin share kalmomin cike gurbi kamar tsince tsakuwa ne a shinkafa: mai gaggawa yakan haɗa da ƙwayar ya watsar. "Am", "wato", "ka gane", "yawwa", da yawancin "to" da ke farkon jimla, ba su ɗauke da wani bayani. Mai magana yana riƙe fili ne da su kafin kalma ta gaba ta zo masa, kuma cire su ba ya rage komai.

Amma akwai wasu da suka yi kama da su a ƙanƙanta, alhali su ne ke riƙe da gaskiyar zancen. Babbarsu ita ce "wai". Da shugaba ya ce "ya ce wai buhu talatin da takwas ne", yana nuna cewa farashin daga bakin dillali ya fito, shi bai ɗauki alhakinsa ba. Idan sakatare ya rubuta "Farashin buhu naira 38,000 ne" kurum, ya mayar da maganar dillali ta zama alƙawarin ƙungiya. Ranar da farashi ya motsa, shugaba za a tare a ƙofar gida.

Haka "ina jin" da "ban dai riƙe sosai ba". Shugaba bai tabbatar da ragin naira 500 ba, kuma ya faɗi hakan da bakinsa har sau biyu. Rubutun da ya fito da ragin a matsayin tabbas zai fi daɗin karantawa, amma ya ƙara wa mai magana yaƙinin da ba shi da shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aiki, kuma ya fi wuyar ganewa, domin gyararren rubutun ba ya nuna alamar cewa an cire masa wani abu. "Kamar", "wataƙila", "kusan", "in Allah Ya yarda", "sai dai mu gani", duk suna cikin wannan sahu.

"Fa" ɗin da ke cikin "kuɗin mota ba ya ciki fa" gargaɗi ne. Ba dole ne kalmar ta shiga sanarwa ba, amma nauyinta dole ya shiga, ko ta hanyar ba batun jimlarsa shi kaɗai, ko ta hanyar cewa "a lura". Abin da mai gyara ke tambayar kansa a kan kowace ƙaramar kalma shi ne: idan an cire ta, shin wanda ya faɗa, ko yawan tabbacinsa, ko ƙarfin gargaɗinsa ya canza? Idan ya canza, a bar ta ko a nemo mata madadi.

Abin da murya ta ɗauko, rubutu ya sauke

Rubutun Hausa na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. A yawancin lokaci mahallin zance yana warware wa mai karatu, amma ba kullum ba. Jimlar shugaba a kan mutumin wajen gada ta isa misali: "ya biya na bara". Idan ya ja "ya" ɗin da sauti a sama, labari yake bayarwa, mutumin ya riga ya biya. Idan ya gajarta shi da sauti a ƙasa, umarni ne, ana so mutumin ya biya. A takarda harufan iri ɗaya ne, ma'anar kuwa ɗaya ta wanke mutum, ɗaya ta ɗora masa bashi.

Kunne kaɗai ke raba wannan gardama, shi ya sa ba a gyara ɗanyen rubutu ba tare da sautin yana kusa ba. Bayan an saurara, sai a rubuta jimlar yadda ba za ta karantu ta fuska biyu ba: "ya riga ya biya" ko kuma "sai ya biya". Haka ma tambaya. "An kawo motar" da "An kawo motar?" a baki murya ce ke bambanta su, a rubuce kuwa ayar tambaya ce, kuma na'urorin kwafe magana sukan manta da ita.

Sai haruffa masu ƙugiya da rabon kalmomi. Mutane da yawa suna rubutu a waya ba tare da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma suna haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba. Sakamakon haka "bata kudin" na iya zama "ba ta kuɗin", wato a miƙa mata, ko "ɓata kuɗin", wato a lalatar da su. "Daga" da "ɗaga", "kasa" da "ƙasa", duk haka suke. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma da zarar an saka ta haruffan nan suna samuwa, don haka wanda ke fitar da sanarwa da sunan jama'a ba shi da uzurin barin su.

Kuɗi da ranaku

A kasuwa ba a cika ambaton "dubu" ba idan kowa ya san ma'aunin da ake kai. "Talatin da takwas" a bakin shugaba naira 38,000 ne, amma "ɗari bakwai" na kuɗin mota naira 700 ne cif. Lamba biyu a saƙo ɗaya, ɗaya an datse mata dubu, ɗaya ba a datse ba. Mai gyara zai rubuta kowacce da alƙaluma, da sunan kuɗin a gabanta.

Akwai wuraren da suka fi wannan santsi. "Dubu ɗari biyu da hamsin" yawanci 250,000 ake nufi, amma kalmomin suna iya ɗaukar 200,050. "Ashirin ba biyu" 18 ne, kuma idan "ba" ta ɓace a cikin hayaniya sai a rubuta 22. Tsallaka iyaka kuma yana canza lissafi gaba ɗaya. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram ana ƙirga sefa da dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka "ɗari" a bakin ɗan kasuwar can sefa 500 ce, jaka kuma sefa 1,000. A Kano kuwa jaka a tsohon lissafi naira 200 ce. Yaron shagon da ke rubuta saƙon abokin cinikin maigidansa na Nijar, dole ya san da wane ma'auni aka yi magana kafin ya sa alƙalami.

Ranaku ma haka. "Gobe", "jibi", "gata" da "Asabar mai zuwa" suna da ma'ana ne kawai a ranar da aka faɗe su, takarda kuwa tana iya kai mako tana yawo. Sai a duba ranar da saƙon ya shigo a lissafa. Tunda ranar Talata 10 ga Yuni shugaba ya yi magana, shekaranjiyarsa Lahadi ce 8 ga wata, Asabar ɗinsa kuma 14 ga wata.

A nan akwai wani ɗan ƙulli da mai gaggawa ba zai gani ba. Da farko shugaba ya ce "kafin Juma'a", da ya gyara sai ya ce "Asabar bayan La'asar a makarantar nan". Shin kafin Asabar ake so a kawo, ko ranar Asabar ɗin? Ambaton lokaci da wuri, da kuma cewar da ya yi "wanda bai kawo ba ranar", sun nuna taro ne a ranar. Duk da haka sakatare mai hankali zai tambaya, tare da sauran abubuwan da ba shi da ikon yanke su shi kaɗai: "Ranka ya daɗe, abu uku nake son tabbatarwa. Ranar Asabar ɗin za a kawo ko kafin ta? In sa maganar ragin ko in bari sai ta tabbata? Maganar bashin bara kuma, ta shiga sanarwa ko tsakaninmu ce?"

Yadda ya fito

A ce shugaba ya amsa cewa ranar Asabar ce, a ambaci ragin amma kada a yi alƙawari, maganar bashi kuma a bar ta. Ga sanarwar:

"Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya yana sanar da mambobi cewa za a karɓi kuɗin takin da aka amince a saya tare ranar Asabar, 14 ga Yuni, bayan sallar La'asar, a makarantar firamare ta gari. Ma'aji ne kaɗai zai karɓi kuɗin. Wanda bai kawo nasa a ranar ba, sai dai ya jira zagaye na gaba.

"Farashin da dillali ya faɗa ranar Lahadi, 8 ga Yuni, shi ne naira 38,000 kowane buhu. A lura cewa kuɗin mota ba ya ciki, naira 700 ne a kan kowane buhu. Ke nan mai buhu ɗaya zai kawo naira 38,700, mai buhu biyu naira 77,400. Dillalin ya ce zai yi ragi idan aka kai buhu 100, amma ba a tabbatar da yawansa ba tukuna. Allah Ya sa mu dace."

Batutuwa shida daga cikin bakwai sun shiga, na bakwai an ajiye shi da izinin mai magana. Gaisuwar iyali da gajiya ta fita domin sakatare aka yi wa ita, amma sallama da addu'a sun zauna, tunda sanarwar da ba su a cikinta takan zo wa jama'a a bushe. An sauya "na ce" zuwa "shugaba yana sanar", kuma an riƙe hakan har ƙarshe, domin rubutun da ke tsalle tsakanin "ni" da "shi" yana rikita mai karatu a kan wanda ke magana. Abu ɗaya ne aka ƙara wanda ba a faɗa ba, wato jimillar 38,700 da 77,400, kuma lissafi ne da kowa zai iya bi ya tabbatar. Da sakatare ya ƙara da cewa takin mai kyau ne, ko farashin zai tashi, da ya sa wa shugaba magana a baki.

Iyakar gyara

Ba kowane rubutu ne ke ɗaukar gyara mai zurfi haka ba. Sanarwa tana ba da dama a sauya jeri da jimloli, domin saƙon ake bukata. Majalisun dokoki kuwa sun daɗe da tsayar da matsakaicin mataki. Kundin muhawarar majalisar Birtaniya, wanda ake kira Hansard, yana bin ƙa'idar da wani kwamiti ya shimfiɗa a 1907: a cire maimaici, a gyara kuskuren da yake a fili, amma kada a bar wani abu da ke ƙara wa jawabin ma'ana. Majalisar Tarayyar Nijeriya ma tana da nata kundin mai wannan suna. A irin wannan mataki ana share "am" da "wato", amma ba a ɗauko ƙarshen jawabi a kai shi farko.

Ɗan jarida da zai sa magana tsakanin alamun zance ya fi kowa ƙuntata. Duk abin da ke cikin alamun nan, mai karatu yana ɗaukar cewa haka aka furta shi. Yana iya cire tuntuɓen harshe, amma ba ya iya ɗauko rabin jimla daga minti na ɗaya ya ɗinke ta da rabi daga minti na huɗu. Idan yana son tsarawa, sai ya cire alamun ya ce "ya bayyana cewa". Saƙon da zai zama hujja a gaban alƙali ko a zaman sulhu kuwa, ba a gyara shi ko kaɗan, ɗanyen rubutun ake miƙawa tare da sautin.

Karin harshe ma yana bin wannan rabo. Basakkwace zai ce "munka tafi" da "biyat", inda daidaitacciyar Hausa ke da "muka tafi" da "biyar". A sanarwa ko rahoto ana mayar da su daidaitacciya. A aikin ɗalibin da ke tattara tarihin baka ko nazarin harshe kuwa, waɗannan siffofin su ne abin da aka je nema, kuma gyara su ɓarna ce. Haka kalmomin Ingilishi ko Faransanci da mutane ke tsarmawa a magana: a sanarwa ana musanya su da na Hausa idan akwai sanannu, a cikin alamun zance kuma ana barin su yadda aka faɗa.

Yadda ake gane an kauce

Akwai alamu da ke tona gyaran da ya wuce gona da iri. Idan mai magana ya yi ta kokwanto a sauti amma rubutun ya fito babu "wai" babu "wataƙila" ko ɗaya, an share abin da bai kamata ba. Idan akwai "saboda" ko "don haka" a rubutun alhali babu su a sautin, a duba da kyau, domin mai gyara yakan ƙulla dalili tsakanin abubuwa biyu da mai magana ya jera su kawai. Idan kuma kalmomin sun fi ƙarfin bakin mai su, har wanda ya san shi zai ce wane ba ya magana haka, to an rubuta masa jawabi ne.

Dubawar ƙarshe hawa uku ce. A sake kunna sautin ana bin gyararren rubutun da ido, ana tsayawa a kan kowace lamba, kowane suna, kowace rana, da kowace "ba" ta korewa, tunda ɓacewarta kan juya magana gaba ɗaya. A koma kan jerin batutuwan da aka yi tun farko a ƙirga su. Sannan a mayar wa mai maganar rubutun kafin a sake shi, idan kuma ba ya karatu a karanta masa, ko a aika masa da shi a saƙon murya, ya ce e ko a'a.

Sautin asali kuma ba a goge shi. Wayoyi da yawa suna cika, masu su su share tsofaffin saƙonni, wasu zaurukan kuma an kunna musu saƙo mai ɓacewa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Sakataren da ya san aikinsa yakan tura sautin zuwa wata ma'ajiya a ranar da ya karɓe shi, ya sa masa suna da kwanan wata da batun, ya ajiye ɗanyen rubutun da gyararren a gefensa, domin idan gardama ta tashi a kan ko ɗari biyar aka ce ko ɗari bakwai, a kunna a ji.